Iyaye, a yi hattara: wasan waya na cin kuɗin gida

Ina jan kunnen duk wanda ke miƙa wa yaro waya don ya yi shiru. Wasannin da ake saukewa kyauta cike suke da kayan sayarwa: lu'ulu'u, makamai, tufafin jarumi. Idan ka taɓa ajiye katin bankinka a Google Play kuma ba ka sa makulli ba, dannawa biyu ta isa a cire kuɗi. Ɗan shekara bakwai bai san ya yi ciniki ba, shi dai ya ga abu mai ƙyalli ya taɓa. Ɓarnar ta kai ga a 2014 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa Apple ya amince zai mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma miliyan 19.

A ce daren Juma'a ka ga saƙon banki sau uku a jere. Kada ka bari sai Litinin, domin Google ya fi sauraren koken da aka kai cikin awa 48 da sayen. Duba imel ɗinka, za ka ga rasit uku, kowanne da lambar da ta fara da GPA. Shiga play.google.com da asusun da aka yi sayen, buɗe Payments & subscriptions, ka nemo tarihin sayayya. Kowane ciniki sai ka kai kokensa daban, ka faɗi gaskiya cewa yaro ne ya saya ba da izininka ba. Amsa takan zo cikin kwana ɗaya zuwa huɗu. Idan awa 48 ta wuce, sai ka rubuta wa masu wasan kai tsaye, kuma suna iya ƙi. Mai iPhone ya shiga reportaproblem.apple.com ya zaɓi Request a refund.

Kada fushi ya kai ka banki ka ce sata aka yi maka. Ɗanka ne ya saya, a wayarka. Ko bankin ya ƙwato kuɗin, ana iya toshe maka sayayya a asusun, ko a rufe asusun wasan. Sannan ka duba Subscriptions, don wani cinikin na wata-wata ne, kuma goge wasan daga waya ba ya tsayar da shi.

Yau ɗin nan ka shiga Settings na Play Store ka sa a riƙa neman tabbaci a kowane saye, kada ka zaɓi na bayan minti 30. Idan yaron ya san kalmar sirrinka ka canza ta, idan yatsansa na buɗe wayar ka cire shi. Don Allah a yi wannan kafin a sake miƙa masa wayar.