Wa Ya Ci Kuɗin Fulawa?

A ce gidan burodi ya tsara kilo 500 na fulawa, kowane kilo naira 1,000, don burodi 1,000. Da aka gama sai ga kilo 540, an saye shi a 950.

Ragin naira 50 sau kilo 540 ya ba da rarar 27,000, wannan na mai sayayya ne. Ƙarin kilo 40 kuwa da tsararren farashi ake auna shi: asarar 40,000, a wuyan shugaban masu kwaɓi.

Amma a dakata. In fulawar arha ce mai danshi da ƙwari, har aka zubar da wata, laifin mai sayayya ne, ya jawo faɗuwar 13,000. A duba buhunan kafin a tuhumi ma'aikata.