Me Ya Sa Baki Da Magana Ba Sa Haɗuwa A Iyafis Na Bulutus?

Kana kallon fim a waya, jarumi ya rufe ƙofa da ƙarfi, sai bayan ta rufu ƙarar ta iso kunnenka. Mutane da yawa daga nan sai su ce an sayar musu da jabun iyafis. Sau tari ba jabu ba ne, haka bulutus yake aiki.

Iyafis mai igiya sauti yake karɓa kai tsaye, ba ya jira. Na bulutus kuwa sai waya ta matse sautin ya ƙanƙance, ta yayyanka shi gunduwa-gunduwa, ta tura ta iska. Can kuma iyafis ba ya sakin gunduwar da ta fara isowa, sai ya tara kaɗan a ajiye, domin idan wata ta ɓata a hanya a sake turo ta ba tare da maganar ta tsinke ba. Wannan ajiyar ce ke cin mafi yawan lokacin. Da tsarin matsa sauti na SBC, wanda kowane iyafis yake da shi, jinkirin yakan kai milisakan 200 ko kusa da haka, wato kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Fim yana nuna hotuna 24 a daƙiƙa guda, ka ga kenan hotuna kusan biyar sun wuce kafin muryar ta iso.

To ina batun hoto ya riƙa makara, magana ta riga shi? Masu ƙera wayoyi sun san da jinkirin, don haka iyafis yakan sanar da waya yawan lokacin da yake ci, manhajar kallo kuma ta riƙe hoton daidai wannan lokacin don su fito tare. Shi ya sa YouTube da Netflix sukan zo daidai, amma wasan gem ya ƙi, domin shi ba a riƙe masa hoto. Idan lissafin da iyafis ya bayar ya zarce gaskiya, sai a riƙe hoto fiye da kima, murya ta yi gaba. Wannan ya fi damun mai kallo. Kunnen ɗan Adam ya saba da ganin walƙiya kafin jin tsawa, bai saba da akasin haka ba. Ma'aunin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ya nuna ana gane sautin da ya riga hoto da milisakan 45 kacal, amma wanda ya makara sai ya kai wajen 125.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, tantance wanda ke gaba. Nemi wurin da ake tafi ko buga ƙofa, ko ka zuba wa leɓɓan mai magana ido lokacin da zai ce "baba" ko "mama", domin dole leɓe ya haɗu.

A ce fim ɗin a wayarka yake, kana kallo da VLC, kuma murya ce ke makara. Shiga zaɓin sauti, ka nemi Audio delay, ka sa -200. Alamar ragewar tana jawo sauti ya zo da wuri. Koma wurin buga ƙofar nan ka saurara. In yanzu ƙarar ta riga ƙofar, ka mayar -150, in har yanzu tana baya ka gwada -250. Idan tun farko hoto ne ke makara, sai ka sa lambar ba tare da alamar ragewa ba. A kwamfuta mai Windows maɓallan J da K ke wannan aikin, kowace dannawa milisakan 50. Ni a ganina wannan ce hanya mafi inganci, kuma ko kwabo ba ta ci.

Wasu iyafis suna da Game Mode, wanda ke rage ajiyar nan. Jinkiri zai ragu, sai dai sauti zai fi saurin yankewa idan ka yi nisa da waya ko kana kusa da na'urar Wi-Fi, tunda su biyun zangon 2.4 GHz suke rabawa. Bayan ka kunna shi, rufe manhajar ka sake buɗewa, don kada ta ci gaba da riƙe hoto bisa tsohon lissafi.

Talabijin ta fi wahalar sha'ani, musamman in an jona mata ƙaramar na'urar tura bulutus, domin ba ta san akwai jinkiri ba balle ta gyara. A nan ne aptX Low Latency ke da amfani, yana sauko da jinkirin zuwa wajen milisakan 40. Amma kada rubutun jikin kwali ya ruɗe ka: dole na'urar turawa da iyafis duka biyu su kasance suna da shi. In ɗaya ne kawai, za su koma tsarin da suka yi tarayya a kai, galibi SBC, kuɗinka ya tafi a banza. Kafin ka biya mai shago, jona su ka kalli minti ɗaya na fim a gabansa.