Dabarar Kadane: Yadda Ake Gano Inda Riba Ta Fi Taruwa da Bi Ɗaya Tak

A ce ɗan kasuwa yana rubuta ribar kowace rana da asararta a littafi, a dubban naira. Kwana tara sun ba shi wannan jeri: 4, -6, 5, -2, 7, -3, 2, -9, 6. Lambar da ke da alamar ragi asara ce. Tambayar ita ce: waɗanne kwanaki ne a jere, ba tare da tsallake ko ɗaya ba, jimlarsu ta fi ta kowane yanki girma? Da duk riba ce, sai a haɗa su gaba ɗaya a huta. Kwanakin asara ne suka sa abin ya zama aiki, domin wata asarar ta cancanci a haɗiye ta saboda ribar da ke gabanta, wata kuwa ba ta cancanta ba.

Ulf Grenander na Jami'ar Brown a Amurka ne ya taso da wannan matsala a 1977, lokacin da yake nazarin hotuna a kwamfuta. Hanyar da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce a gwada kowane mafari da kowane ƙarshe. A lambobi tara, yanki 45 ne kawai. Amma idan lambobin sun kai miliyan ɗaya, yankunan sun kai kimanin biliyan 500. Jay Kadane, masanin ƙididdiga a Jami'ar Carnegie Mellon, shi ya kawo hanyar da ke bin jerin sau ɗaya, Jon Bentley kuma ya yaɗa ta a rubuce-rubucensa na 1984.

Dabarar tana riƙe da lambobi biyu kacal. Ta farko ita ce jimla mafi girma ta yankin da ya ƙare a ranar da ake kai. Ta biyu ita ce jimla mafi girma da aka taɓa gani tun farko. A kowace rana zaɓi biyu ne: ko a ɗora lambar yau a kan abin da aka taro, ko a watsar da na baya a fara sabo daga yau. Wanda ya fi girma shi ake ɗauka.

Mu bi littafin ɗan kasuwar. Ranar farko jimla 4 ce, ita ce kuma mafi girma. Rana ta biyu asarar 6 ta mayar da ita -2. A rana ta uku ga ribar 5: idan aka ɗora ta a kan -2 za a sami 3, idan aka fara sabo za a sami 5, don haka sai a yar da kwana biyun farko. Rana ta huɗu jimla ta sauko zuwa 3, amma ba a yar da ita, tunda har yanzu akwai abin da za ta ƙara wa gobe. Rana ta biyar 7 ta hau kai, aka sami 10. Daga nan jimlar ta zama 7, sai 9, sai 0, sai 6, babu wadda ta kamo 10. Amsar ke nan: 5, -2, 7.

Dalilin da ya sa ba a kuskure shi ne, jimlar da ta faɗi ƙasa da sifili ba za ta taɓa ƙara wa abin da ke biye da ita komai ba, sai dai ta rage shi. Duk yankin da ya fara da irin wannan kaya, zai fi girma idan aka sauke masa shi. Ga yadda ake rubuta ta a Python:

```python
def mafi_girma(jeri):
    yanzu = babba = jeri[0]
    for x in jeri[1:]:
        yanzu = max(x, yanzu + x)
        babba = max(babba, yanzu)
    return babba
```

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne layi na biyu. Da yawa sukan fara lambobin biyu da sifili, kuma shirin zai yi ta ba da amsa daidai har ranar da duk lambobin suka zama asara. A jerin -3, -1, -4, amsar gaskiya -1 ce, wato ranar da asara ta fi sauƙi, amma wanda ya fara da sifili 0 zai samu, lambar da babu ita a jerin. Hakan yana karɓuwa ne kawai idan an yarda cewa ƙin zaɓar komai ma amsa ce. Saboda haka, duk wanda ya rubuta shirin ya gwada shi da jerin asara zalla kafin ya amince da shi.

Shirin da ke sama jimla kawai yake bayarwa. Mai son sanin kwanakin sai ya riƙa ajiye matsayin da aka fara sabo, sannan ya rubuta mafari da ƙarshe duk lokacin da `babba` ta ƙaru. Wannan ƙari ba ya bukatar a sake bin jerin, don haka lambobi miliyan ɗaya suna nan a mataki miliyan ɗaya.