Ƴaƴan kankana

In zafi ya shigo, kankana takan cika kasuwar Birnin Ƙonni. Yara su sha, su tofar da ƴaƴan. Wasu har cewa suke yi wanda ya haɗiye su, kankana za ta tsiro masa a ciki. Ba gaskiya ba ne.

Ana cin ƴaƴan kankana, ba su da dafi. Sai dai baƙin ɓawonsu yana da tauri, ciki ba ya narkar da shi. Wanda ya haɗiye su ba taunawa, yadda suka shiga haka za su fita, jiki bai samu komi ba.

Abincin yana cikin farar ƙwayar da ɓawon ya rufe. A giram 100 na busassar ƙwaya akwai mai wajen giram 47. Akwai kuma giram 28 na abin da ke gina jiki, irin wanda ake samu a wake da nama. Ke nan ƙwayar ba ta da nisa da gyaɗa. Amma ƴar ƙarama ce, sai an tara da yawa.

A kan wanke ƴaƴan, a shanya su a rana har su bushe ƙayau. Sannan a soya su a kasko ba mai, a ɓare, a ci, ko a daka a zuba a miya kamar agushi. Waɗanda aka adana da danshi sukan yi fumfuna, su yi wari. Irin waɗannan sai a zubar.