Haya Ko Saye: Lissafin Gida Na Shekara Goma A Buza

A Buza ana yawan cewa kuɗin haya zubarwa ne. Da gaskiya a maganar, amma mai gida ma yana da kuɗin da ke fita ba ya dawowa, kuma shi ya kamata a gwada da na haya.

Mu ɗauki malamin makaranta da aka turo Buza, ya samu gida jika 20 a wata. Idan bayan shekara 5 mai gida ya mayar da shi jika 25, a shekara 10 ya biya sefa miliyan 2 da jika 700. Nasa lissafin ya ƙare ke nan, don gyaran soro da katanga na mai gida ne.

A ce kuma ya sayi irin gidan miliyan 5. La'adar dillali da takardu, mu sa jika 200. Wannan ba wurin tsimi ba ne: fegin cikin gari yana buƙatar takardar ma'aikatar magajin gari, na karkara kuma shaidar hukumar filaye da ake kira Kofo, wadda ta samo asali daga dokar karkara ta 1993. Gidan gado kuwa, in ba duk magada suka amince a gaban shaidu ba, rigima aka saya.

Sai ɗawainiya. Ginin laka yana son yaɓe kafin damina, a toshe tsagar soro, a gyara indararo. Mu sa jika 60 a shekara, wato jika 600, da jika 300 na sauya azarar da gara ta ci. An kai miliyan 1 da jika 100.

Abin da aka fi mantawa shi ne miliyan 5 ɗin kanta. Da an juya ta a kiwon raguna ko cinikin albasar Madawa, ko da ribar 5 cikin 100 ce a shekara, jika 250 ke nan, miliyan 2 da rabi a shekara 10. Jimillar abin da mai saye ya rasa ta zama miliyan 3 da jika 600. Wanda da ma ajiye kuɗin zai yi ba juyawa, ya cire wannan kaso.

Yanzu farashin sayarwa ne alƙali. In gidan ya kai miliyan 6, an rage miliyan 1, saura miliyan 2 da jika 600, kusan kunnen doki da haya. In bai motsa ba, ɗan haya ya tsira da jika 900. Gidan da ke kan hanyar ruwan kori, wanda gishiri ya fara cin gindin bangonsa, ko tsohon farashinsa da wuya ya riƙe.

A ganina ɗan gari da zai zauna dindindin, ko ɗan bida da iyalinsa ke gida, saye ya fi masa. Ma'aikacin da za a iya mayarwa Keita ko Tawa bayan shekara 3 kuwa, zai sayar cikin gaggawa a garin da masu saye ba su da yawa, kuma su za su yanke masa farashi.