Yadda Fom Ke Rikicewa Idan An Mayar da Shi Waya

Fom ɗin shiga makarantar sakandare shafi ɗaya ne tal, amma mai tsara shi ya yi tsimin takarda: gurabe biyu a kowane layi. Sunan ɗalibi a hagu, sunan mahaifi a dama. A ƙasansu ranar haihuwa da jinsi, sannan jiha da ƙaramar hukuma. Ido ya saba, yana bin layi daga hagu zuwa dama kafin ya gangara.

Matsalar tana farawa ne ranar da shugaban makaranta ya ce a mayar da fom ɗin intanet. Mai haɗa shafi da ke gaggawa yakan kalli takardar ya ga rukuni biyu a tsaye, sai ya zuba duk guraben hagu a akwati ɗaya, na dama a wani. A kwamfuta abin ya yi kyau, kamar an ɗauki hoton takardar. Amma fuskar waya ba ta da faɗin ɗaukar rukuni biyu, don haka na dama yakan koma ƙarƙashin na hagu. Uba ya buɗe sai ya tarar da sunan ɗalibi, ranar haihuwa, jiha, sannan can ƙasa sunan mahaifi, jinsi, ƙaramar hukuma. An raba jiha da 'ya'yanta.

Wannan ba ƙaramin lahani ba ne. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma fom mai hankali ba ya jibge wa mutum su duka. Yana jira ya zaɓi Kano, sai ya nuna masa 44 ɗin da ke cikinta. Dole ke nan jiha ta zo kafin ƙaramar hukuma, kuma su zauna kusa da juna. Ga kuma akawun makaranta, wanda zai riƙa kwafe tsofaffin takardu cikin na'ura. Shi ba ya kallon allo sosai, maɓallin Tab yake bugawa yana tafiya. Shi kuwa Tab jerin da aka rubuta a cikin HTML yake bi, ko da an yi wa shafin kwaskwarima da CSS an sauya wa gurabe wuri. In jerin ya saɓa wa takarda, sunan mahaifi zai faɗa gurbin ranar haihuwa.

Maganin yana da araha: kafin a taɓa kwamfuta, a ɗauki biro a sa wa kowane gurbi lamba a jikin takardar, a bisa yadda ake cika ta. Da wannan jeri za a rubuta shafin, layi bayan layi.

Sai batun guraben da dole a cika. A takarda, wasu suna da alamar tauraro, wasu kuwa a kan akawu kawai dokarsu take: shi ya san ba ya karɓar fom babu lambar waya, amma yana kawar da kai in ba a rubuta sana'ar uwa ba. Saboda haka a zauna da shi a tambaye shi, gurbi bayan gurbi. Abin da ya ce dole ne, kalma ɗaya ke tabbatar da shi:

```html
<label for="waya">Lambar waya *</label>
<input id="waya" name="waya" type="tel" required>
```

Tauraron don idon mai cikawa ne, `required` kuma shi ke hana fom tafiya in gurbin fanko ne. An zaɓi `tel` maimakon `number` da gangan. Lambar wayar Najeriya tana da alƙaluma 11 kuma da sifili take farawa, in aka ajiye ta a matsayin adadi sifilin na iya ɓacewa.

Inda ƙwararru ma ke tuntuɓe shi ne gurbi mai sharaɗi. Takarda ta ce: in canjin makaranta ne, a rubuta sunan tsohuwar makaranta. Mai haɗa shafi ya ɓoye gurbin daga sababbin ɗalibai, amma ya bar masa `required`. Uba ya cika komai, ya danna maɓallin turawa, shiru. Burauzar tana neman a cika gurbin da ba ta iya nunawa, don haka ta ƙi turawa, ba ta kuma gaya masa dalili. Alamar wannan cuta ke nan: fom yana tafiya ga masu canjin makaranta, yana maƙalewa ga kowa. Gyaran shi ne a sa wa gurbin `disabled` duk lokacin da yake a ɓoye. Masu aiki da KoboToolbox sun huta da wannan, domin tambayar da `relevant` ya ɓoye ba a tilasta amsa ta.

Shi kuwa sashen ƙasan takarda da aka ware wa ofis, wato lambar rajista, aji da sa hannun shugaba, ba ya shiga fom ɗin iyaye ko kaɗan. Shafinsa daban ne, na ma'aikata, kuma a can ne za a sake duba guraben dole, tunda mai ɗan wayo na iya tsallake binciken burauza.