Neman ɗage gurbin jami'a na shekara guda: yadda ake rubuta wasiƙar

A watan Agustan 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza a Wagadugu, kamar yadda ta yi a Bamako da Yamai. Ɗalibai da dama da jami'o'in Faransa suka riga suka karɓa sun kasa tafiya har aka fara karatu a watan Satumba. Ko babu rikicin siyasa, rashin lafiyar mahaifi ko ƙarancin kuɗi kan tsayar da ɗan Zango da ya ci bak kuma ya samu gurbi. A nan ne ake bukatar wasiƙar neman ɗagewa.

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya sani shi ne, wannan wasiƙa roƙo ce. A tsarin Études en France, wanda Campus France ke kula da shi, karɓar da jami'a ta yi maka ta shekarar karatu ɗaya ce tak. Jami'a tana iya ajiye maka gurbin, tana kuma iya ƙi. Muddin ba ka riƙe amsa a rubuce ba, ka ɗauka cewa gurbin zai faɗi.

Na biyu, ka kira abin da kake nema da sunansa, domin akwai abubuwa uku da ake rikitawa. Izinin isowa a makare na 'yan makonni ne kawai. Hutun da ake kira césure kuwa na ɗalibin da ya yi rajista ne, ba ya wuce zangon karatu biyu, kuma shugaban jami'a ne ke amincewa da shi. Wanda bai yi rajista ba, yana son gurbinsa ya koma shekara mai zuwa, ɗage karɓa yake nema. Saboda haka kan wasiƙar zai kasance haka:

```
Objet : Demande de report d'admission à la rentrée 2026
```

Mu ɗauki misalin wata ɗaliba da aka karɓa a shekarar farko ta ilimin tattalin arziki don Satumban 2025, sai aka kwantar da mahaifiyarta a asibiti a watan Yuli. Wasiƙarta ba za ta wuce shafi ɗaya ba. Ofishin Turawa ba ya jiran doguwar gaisuwa irin tamu, “Madame, Monsieur” ya wadatar. A sakin layi na farko ta faɗi cikakken sunanta kamar yadda yake a fasfo, lambar dosiyenta, sunan kwas ɗin da ranar da aka ba ta takardar karɓa. A na biyu ta kawo dalili cikin jimla biyu: mahaifiyarta na jinya, ita ce mai kula da ita, ga takardar likita a haɗe. A na uku ta ce tana roƙon a mayar da gurbinta zuwa Satumban 2026 a kwas ɗin dai, ta kuma tambaya ko sai ta sake shigar da dosiye. Ta rufe da neman amsa a rubuce.

Dalilin da ba shi da takardar shaida ba ya nauyi, haka ma wanda ba a san ranar ƙarewarsa ba. “Sai hali ya yi” magana ce mai kyau a gida, amma ma'aikacin ofis kwanan wata yake son gani.

A aika wasiƙar ga ofishin da ya ba da takardar karɓa, ta adireshin da ke jikinta, kuma kafin ranar rufe rajista. Bayan wannan rana ana ɗaukar ɗalibi a matsayin wanda ya bar gurbinsa. Kada ka danna wurin janyewa a shafinka kafin amsa ta zo.

Amsar ma tana son karatu da natsuwa. Idan ta ambaci sunan kwas da sabuwar shekarar, gurbi ya tabbata. Idan kuwa ta ce ana gayyatarka ka sake neman shiga baɗi, wannan ƙi ne cikin ladabi, kuma za ka sake yin takara da sababbin masu bak. Masu neman shekarar farko a Faransa kan fara shigar da dosiye a Oktoba, a rufe ranar 15 ga Disamba. Don haka idan Oktoba ta yi ba ka ji komai ba, ka shigar da sabo, kar ka yi biyu babu.

Amincewar jami'a ba ta ɗage tallafin karatu ko biza. Mai tallafin gwamnatin Burkina sai ya rubuta wa ofishin da ke kula da tallafin wata wasiƙa daban, ya haɗa da amsar jami'ar. Biza kuma da sabuwar takardar karɓa mai ɗauke da sabuwar shekara ake nemanta, don haka ka roƙi jami'a ta aiko maka da ita tun kafin ka nemi ranar zuwa ofishin jakadanci.